Godiya Biyu ga Wanda Ya Kai Sunanka

A garuruwa irin su Bena, da ke ƙaramar hukumar Danko/Wasagu a masarautar Zuru, labarin gurbin aiki ya fi zuwa ta bakin mutum kafin ya zo a takarda. Tsohon abokin aiki da ya koma Zuru ko Birnin Kebbi shi ne kan ji labari, ya kira ka, ya kuma kai sunanka gaba. Abin da nake son mu lura da shi shi ne, wannan mutum lamuni ya tsaya maka da mutuncinsa. Shi ya sa nake ganin godiya biyu yake binka, kuma kowace da aikinta.

Mu ɗauki misali. A ce malamin lissafi ne a wata makaranta mai zaman kanta a Bena. Tsohon shugabansa, wanda yanzu yake aiki a Jami'ar Noma ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020, ya ji an buɗe gurbi, ya shaide shi a gaban masu ɗauka. An kira shi intabiyu ranar Talata.

Godiyar farko lokacinta yammacin Talatar nan ne, in an makara safiyar Laraba. Dalili kuwa, mai shaidar zai iya haɗuwa da waɗanda suka yi ganawar a masallaci ko a bakin ofis. Abin kunya ne a gare shi a ce daga bakinsu ya fara jin cewa mutuminsa ya zo. Saboda haka wannan godiya rahoto ce, mai ɗauke da abu uku: an yi ganawar, ga yadda ta gudana, ga lokacin da aka ce a saurari sakamako. Tunda na gaba ne, a kira shi; in bai ɗauka ba, a bar saƙo kamar haka: "Ranka ya daɗe, an yi intabiyu yau. Sun fi tambaya a kan aikin kwamfuta da adana bayanai, sun ce a saurare su nan da mako biyu. Na gode da ka tsaya mini, Allah ya saka da alheri."

Abu biyu ke ɓata wannan godiya. Na farko, cusa roƙo a cikinta, irin "a taimaka a ƙara sa baki". Da zarar an faɗi haka, ta tashi daga godiya ta zama matsin lamba, alhali mutumin ya riga ya yi iyakar abin da ya halatta. Na biyu, kyauta. Buhun masara ko katin waya da aka aika kafin a yanke hukunci, ko da zuciya ɗaya aka bayar, kamannin toshiyar baki yake ɗauka. Dokar yaƙi da rashawa ta shekarar 2000, wadda ta kafa hukumar ICPC, ta haramta wa ma'aikacin gwamnati karɓar wani abu a madadin alfarmar da ta shafi aikinsa. Kada ka jefa mai taimakonka a bakin duniya.

Godiya ta biyu tana zuwa ne ranar da sakamako ya fito. In an dace, shi ya kamata ya ji albishir kafin a baza labarin a zauren WhatsApp. A nan waya kaɗai ta yi kaɗan; a sami rana a taka har Zuru a gaishe shi a gida, a kuma tambaye shi abin da ya kamata sabon ma'aikaci ya kiyaye. Lamunin da ya tsaya bai sauka daga wuyansa ba sai an ga aikinka.

In ba a dace ba fa? Nan ne mafi yawanmu ke yin ɗif, don kunya ko don jin haushi. Amma shirun yana da fassara: mai shaidar zai ɗauka ana zargin bai yi ƙoƙari ba. Kalmomi kaɗan sun wadatar: "Ranka ya daɗe, sakamako ya fito, Allah bai nufa ba a wannan karon. Ƙoƙarinka yana nan a raina. In akwai inda aka ga na gaza, zan so in sani don in gyara." Ba tuhuma, ba neman jin wanda aka ɗauka. In ya ga bai dace ya faɗi abin da aka tattauna ba, a ƙyale shi.

A ganina wannan ta ƙarshen ita ce ta fi nauyi, domin ita kaɗai ce godiyar da babu riba a tare da ita. Wanda ya ji ta kuwa, ranar da wani gurbin ya sake buɗewa, ba sai an tuna masa sunanka ba.