Ba Kowane Baƙi Ake Tasa Ba: Yadda Ake Ɓata Koyar da Sadarwa a Faransanci

Akwai wata cuta da ta zama ruwan dare a ajujuwan Faransanci na ƙasar Hausa, kuma masu ɗauke da ita suna kallonta a matsayin ado. Malami zai fara da gaya wa ɗalibai cewa baƙin ƙarshen kalma ba a furta shi. Bayan 'yan makonni sai ya ƙara da cewa idan kalmar da ke biye ta fara da wasali, baƙin nan yana farkawa ya manne mata, abin da Faransawa ke kira liyezon, wato sadarwa. Daga nan sai ɗalibi ya ɗauka cewa yawan sadarwa shi ne ƙwarewa, ya riƙa tashin kowane baƙi da idonsa ya gani. Wannan fahimta kuskure ce, domin sadarwa hukunci ce ta nahawu: akwai inda ta wajaba, akwai inda aka ba da zaɓi, akwai kuma inda ta haramta. Abin takaicin shi ne yaro ɗan Unguwar Ya, ko na kowane ƙauye tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, ya shigo aji da rabin wannan ilimi a kansa tun daga makarantar allo, amma ba wanda ya nuna masa cewa ya san shi.

Abin da yaron ya riga ya sani

Duk wanda ya yi karatun allo ya san harafin ta-kuri. Idan mai karatu ya tsaya a kansa, sautin "t" yana ɓacewa. Idan ya sadar, sai ya bayyana. Shi ya sa ake cewa "sura" amma "Suratul Fatiha", ake cewa "rahama" amma a sallama a ce "warahmatullahi". Haka tanwini yake faɗuwa a wurin tsayawa ya dawo a wurin sadarwa. Ya kuma san cewa akwai gurbin da tsayawa ta zama dole, wanda ake wa alama da ƙaramin mimi a bugun Hafsi, saboda sadarwa a wurin tana iya juya ma'ana. Ko a Hausarsa ta gida, yana rubuta "gidan Bala" yana furta "gidam Bala", domin ƙarshen kalma yana sauyawa gwargwadon abin da ke gabansa.

Kamanceceniyar tana da iyaka, kuma gaskiya ta hana a ɓoye ta. Ta-kuri yana bayyana ko gaban wasali ko gaban baƙi, muddin ba a tsaya ba. A Faransanci kuwa sharuɗɗa biyu ne: kalmar gaba ta fara da wasali, sannan kalmomin biyu su kasance da kusanci na nahawu. Amma tushen tunanin ɗaya ne, wato harafi a rubuce yana iya magana a wani wuri ya yi shiru a wani, kuma ba son ran mai karatu ke yanke hukunci ba. Yaron da ya sha gyara a gaban alaramma a kan wannan ba ya buƙatar a sake gamsar da shi.

Inda sadarwa ta wajaba

Tun a 1947 masanin furuci Pierre Delattre ya kasa sadarwa gida uku, kuma rabon nasa ne littattafan koyarwa ke bi har yau. Ta wajaba tsakanin suna da ƙaramar kalmar da ke gabatar da shi, kamar *les amis* da ake furtawa "lezami". Ta wajaba tsakanin wakilin suna da aikatau, kamar *nous avons*, "nuzabon" a bakin Bahaushe. Ta wajaba idan sifa ta gabaci suna, kamar *petit ami*, "patitami". A nan ma baƙin yakan sauya murya: *s* da *x* su koma "z", *d* ya koma "t", shi ya sa *grand homme* ke fitowa "grantom".

Wannan kashi ne ke ɗauke da ma'ana. Jimlolin *il arrive* (yana isowa) da *ils arrivent* (suna isowa) ba su da wani bambanci a kunne sai "z" ɗin sadarwa: "ilarib" da "ilzarib". Wanda ya yar da shi ya mayar da jama'a mutum ɗaya. Haka *ils ont* (suna da) da *ils sont* (su ne) suka rabu da "z" da "s" kawai. Lambobi ma haka: *six* shi kaɗai "sis" ne, gaban baƙi a *six francs* ya zama "si", gaban wasali a *six ans* ya zama "siz". Kalma ɗaya, furuci uku, kuma mai ciniki da baƙi daga Damagaram a kasuwar Maigatari zai haɗu da dukkansu a yini guda.

Inda ta haramta

A nan ne ake tafka ɓarna, domin wannan kashi ne aka fi tsallakewa a aji. Wurare uku sun isa a riƙe. Na farko, ba a taɓa sadarwa bayan *et* (da). *T* ɗinsa matacce ne har abada, kuma wannan ne ke raba shi da *est* a kunne. Na biyu, ba a sadarwa bayan suna tilo, ko sifa ce ke biye ko aikatau. Littattafan nahawu suna da tsohon misali a kan haka: *un savant anglais*. Idan aka furta *t*, *savant* ya zama sifa, ma'anar ita ce Baturen Ingila mai ilimi. Idan aka bar shi shiru, *savant* suna ne, ma'anar ita ce masani ɗan Ingila.

Na uku shi ne *h* mai katanga, wanda Faransawa ke kira ash aspire. Harafin *h* ba ya da sauti a Faransanci ko kaɗan, amma iri biyu ne. Na cikin *homme* da *heure* ba ya hana komai, sai a sadar kamar babu shi. Na cikin *haricot* da *héros* yana tsayawa kamar katanga. Wanda ya sadar a *les héros* (jarumai) ya furta *les zéros* (sifirori), ya mayar da yabo zagi. Ido ba ya iya rarrabe su, sai ƙamus, inda ake sa wa mai katangar alama, galibi tauraro. Kuma sunan Hausa da kansa yana cikin masu katanga: ana rubuta *le haoussa*, ba a datse wasalin *le*, kuma *les Haoussas* ana furta shi "le awusa". Ɗalibi Bahaushe da ya ce "lezawusa" ya kuskure sunan al'ummarsa, kuma laifin na wanda ya koya masa rabin ƙa'ida ne.

Jimla guda, hukunci shida

A ɗauki wannan jimla: *Les enfants et un étudiant haoussa ont attendu six heures*, wato yara da wani ɗalibi Bahaushe sun yi jiran awa shida. Tsakanin *les* da *enfants* sadarwa wajibi ce, da "z". Tsakanin *et* da *un* haramun ce. Tsakanin *un* da *étudiant* wajibi ce, da "n". Tsakanin *étudiant* da *haoussa* ta haramta ta fuska biyu, suna tilo ne kuma ga katanga. Tsakanin *ont* da *attendu* zaɓi ne: mai karanta labarai zai iya furta *t*, mai hira a gida yakan bar shi. Tsakanin *six* da *heures* wajibi ce, "sizer", domin *h* ɗin nan ba shi da katanga.

Ɗalibin da aka koya wa "ga wasali, tashi baƙi" zai sadar a duka shida, ya yi kuskure biyu manya, yana jin ya burge. Ɗalibin da aka tsoratar har ya daina sadarwa zai yi kuskure uku. Hanyar gane wanda ya iya ba ta da wuya: a saurari *et*, a saurari suna tilo. Idan baƙi ya tashi a waɗannan wurare, harafi yake karantawa, bai ji harshen ba.

Faransawa ma suna faɗa wa wannan rami, har suna da sunaye ga kuskuren: *cuir* ga "t" na ƙarya, *velours* ga "z" na ƙarya, kamar mai cusa "z" a *quatre enfants* alhali *quatre* ba shi da *s*. A 1988 Pierre Encrevé ya wallafa bincike a kan jawaban 'yan siyasar Faransa, ya nuna yadda suke furta baƙin sadarwa a ƙarshen kalma ba tare da manna shi ga ta gaba ba, salon da ya fito daga tasirin rubutu. Yawan sadarwa ta zaɓi alama ce ta salon jawabi, kuma ɗan ƙaramar sakandare ba jawabi aka aike shi ya koyo ba.

Uzurin da ba ya karɓuwa

Za a ce makarantar karkara da ke fama da ƙarancin malamai da littattafai ba ta da sararin wannan zurfi. Ƙarancin gaskiya ne. An kafa ƙauyen koyon Faransanci na Badagry a 1991, Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci harshen hukuma na biyu a 1996, amma ayyanawa ba ta haifar da malamai. Sai dai wannan uzuri hujja ce a kan masu kawo shi. Inda lokaci ya yi kaɗan, abin da ya kamata a yar shi ne kashin zaɓi gaba ɗaya, a tsaya kan wajibi da haram. Hakan ba ya cin ko kwabo. Jerin wajibai uku da haramtattu uku sun shiga rabin allo, kuma ana iya haddace su da misalai kamar yadda ake haddace hukuncin nun mai ɗauri.

Za a kuma ce tunda Jamhuriyar Nijar ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa a 2025, Faransanci ya rasa daraja a wannan yanki. Amma dokar da ta yi haka ta bar shi a matsayin harshen aiki, kuma takardun ofis, da na asibiti, da na kwastan ba su sauya harshe dare ɗaya ba. Jigawa tana iyaka da jihar Damagaram, kuma malamin jinya ko ɗan jarida ko jami'in kan iyaka da zai yi aiki a tsallake yana buƙatar kunnen da ke rarrabe mutum ɗaya da mutane da yawa.

Gyaran yana hannun malamai da masu horar da su. A daina gabatar da sadarwa a matsayin ƙa'ida ɗaya mai togaciya, a gabatar da ita a matsayin hukunci uku tun ranar farko. A koyar da kowane suna tare da ƙaramar kalmarsa, *un enfant* da *les enfants*, *le haricot* da *les haricots*, yadda kunne zai riƙe su a dunƙule. A kuma fara darasin da tambayar da kowane yaro a ajin zai amsa da hannu a sama: me ya sa ake cewa "sura" amma "Suratul Fatiha"? Daga amsarsa zuwa *six* mai furuci uku taki ɗaya ne, kuma malamin da ya ƙi yin wannan taki ya bar ɗalibinsa yana cewa "lezawusa".