Kwantiragi Goma Sha Ɗaya a Shafi Guda: A Haɗa Su, Amma Kada a Yi Musu Kwalliyar Ƙarya

Akwai wata shawara da ake yawan bai wa matasan Batsari da Safana idan sun zo rubuta takardar tarihin aikinsu, wadda muke kira sibi. Akan ce musu: gajerun ayyukan nan da ka yi za su sa a ɗauke ka mutumin da ba ya zama wuri ɗaya, don haka zaɓi ƙungiya mafi suna a cikinsu, ka rubuta cewa ka yi mata aiki shekara uku, sauran ka share su. Masu ba da shawarar nan galibi da kyakkyawar niyya suke yi, amma tana cutar da mai neman aiki ta fuska biyu. Tana sa shi ya yi ƙaryar da kiran waya ɗaya zai tona, sannan tana sa shi ya zubar da hujja mafi ƙarfi da yake da ita.

Sai mu fara da tambayar da jami'an ɗaukar ma'aikata ba su cika yi ba: wane irin aiki ne ake samu a wannan yanki? Wanda ya gama Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ya koma gida, in bai samu gurbi a ƙaramar hukuma ko aikin koyarwa ba, abin da ke gabansa ayyuka ne da tun asali aka yanka su gajeru. Zagayen rigakafin shan inna kwanaki kaɗan ne. Rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro ga yara 'yan wata uku zuwa 59 aikin damina ne, zagaye ɗaya a kowane wata. Aikin wucin gadi na Hukumar Zaɓe yana ƙarewa da an tattara sakamako. Ƙidayar iyalan da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu na gefen dajin Rugu makonni ne, sai kuɗin aikin ya ƙare. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da mutum ya ajiye don ya gaji. Aikin ne ya zo da wa'adinsa. Jami'in da ya zauna a Abuja yana ƙirga layuka, ya ga goma sha ɗaya ya ce wannan ba shi da tabbas, bai fahimci kasuwar da yake ɗaukar mutane daga cikinta ba. To amma shi ke riƙe da alƙalami, kuma sau da yawa kallo ɗaya yake yi wa takarda kafin ya ture ta. Dole ne a rubuta ta yadda kallo ɗayan zai gaya masa gaskiya.

Mu ɗauki misalin wata matashiya 'yar Batsari, ba sai mun ba ta suna ba. Daga 2019 zuwa 2024 ta yi kwantiragi goma sha ɗaya. Damina uku, 2022 da 2023 da 2024, tana cikin masu rabon maganin zazzaɓi. A ta farko tana cike rajista, a biyun ƙarshe tana duba tawagogi. Sau huɗu aka ɗauke ta tattara bayanan iyalai da waya: mako uku, mako shida, wata biyu, wata uku. Ta yi aikin zaɓe a 2019 da 2023. Sau biyu kuma ta yi wa baƙi tafinta na 'yan kwanaki. In ta jera su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sunan wanda ya biya ta da watan farawa da na gamawa, shafi biyu za su cika, kuma abin da ido zai fara gani shi ne ranakun gamawa har goma sha ɗaya.

Gyaran shi ne ta daina tsara takardar bisa wanda ya biya ta, ta tsara ta bisa aikin da hannunta ya yi. Bakwai daga cikin kwantiragin nan, in an duba, sana'a ɗaya ce: shiga gida gida, yi wa mata tambayoyi, shigar da amsa daidai, miƙa rahoto da yamma. Waɗannan su za su zama shigarwa guda. Da Turanci za ta rubuta, amma ga abin da zai ƙunsa. Layin farko: Mai tattara bayanan fili kuma mai duba tawaga, aikin kwantiragi, ƙananan hukumomin Batsari da Safana, 2020 zuwa 2024. Layi na biyu, wanda shi ne gishirin miyar: kwantiragi bakwai da hukumomi da ƙungiyoyi huɗu, biyu daga cikinsu sun sake kirana. Daga nan sai layuka uku ko huɗu na abin da ta yi: yawan gidajen da ta yi wa tambayoyi da KoboCollect, yawan tawagogin da ta duba, mazaɓun da ta zagaya, da cewa an ɗaga ta daga mai rajista zuwa mai dubawa a 2023. Ƙarƙashin wannan, cikin ƙananan haruffa, jerin kowane kwantiragi a layi ɗaya: wanda ya ɗauke ta, shekara, tsawon aikin.

Ku lura da maganar sake kira. Mai ɗaukar ma'aikata da ke tsoron rashin tabbas, ainihin abin da yake tsoro shi ne mutum ya watsar da aiki a tsakiya, ko a ce an sallame shi. Ba abin da ke kashe wannan tsoro kamar shaidar cewa wanda ya gwada ki bara ya neme ki bana. Wadda ta bi shawarar share komai ta bar suna ɗaya, wannan shaidar ce ta fara sharewa.

Yanzu ga wurin da nake rabuwa da mafi yawan masu koyar da rubutun sibi, har da waɗanda suka yarda a haɗa. Sun ce a rubuta 2020 zuwa 2024 a yi shiru, mai karatu ya ɗauka shekara biyar aka yi ana aiki kullum. Ni ban yarda ba. Mu yi lissafi. Ayyukan tattara bayanai huɗun nan mako 29 ne, wato kusan wata bakwai. Aikin damina kuwa, ko da yake yana ratsa wata huɗu, in aka haɗa ranakun horo da na rabo da na rahoto, mu ce kwana ashirin a kowace damina. Damina uku kwana sittin, kimanin wata uku na aiki. Jimilla wata goma. Wannan adadin ya kamata ya fito fili a layi na biyu: kimanin wata goma na aikin fili. Na san abin da za a ce, wai wa zai rage wa kansa farashi a kasuwa? Amsata ita ce, manyan ƙungiyoyin da take fatan shiga suna da fom nasu, kuma fom ɗin yana neman ranar farawa da ranar gamawa ta kowane aiki da sunan wanda ya shugabance ta. A nan ba a haɗawa, dole ta warware ƙullin. Idan sibi ya nuna shekara biyar, fom ya nuna wata goma, ba za a ce ta yi kuskuren lissafi ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wata goma da ta faɗa da bakinta, tare da ƙarin matsayi da sake kira, sun fi shekara biyar da za su narke a gaban kwamitin ganawa.

Haka nan batun sunan wanda ya ɗauke ta. A irin waɗannan ayyuka kuɗi kan taso daga babbar ƙungiya ta duniya, ya bi ta hannun wata ƙungiya ta cikin gida ko sashen lafiya na ƙaramar hukuma, kafin ya iso ga mai riƙe da rajista. Tambarin da ke jikin rigar aiki ba shi ne ya ɗauke ta ba. Wanda ya sa hannu a takardar ɗaukarta, ko wanda sunansa ya fito a saƙon banki, shi za ta rubuta, sannan ta ƙara da cewa aikin yana ƙarƙashin shirin wane ne. In ta rubuta sunan babbar ƙungiyar kai tsaye, ranar da aka tuntuɓi ofishinsu za a ce ba a san ta ba, kuma gaskiya suka faɗa. Wasu kuma kan ƙirƙiri sunan kamfani su ɗora a saman shigarwar don ta yi kwarjini. In da gaske an yi wa sunan rajista kuma da shi aka karɓi aikin, madalla. In ba haka ba, kalmar kwantiragi ta wadatar, ba abin kunya ba ce.

Ba komai ne ke shiga tukunya ɗaya ba. Aikin zaɓe daban yake, kuma yana da nasa nauyi: wanda aka damƙa wa na'urar tantance masu zaɓe da takardar sakamako a ranar 25 ga Fabrairu da 18 ga Maris na 2023 an ba shi amana. Layi ɗaya ya ishe shi, a ƙarƙashin wani kan magana, da shekarun biyu a jere. Tafinta ta koma sashen ƙwarewa, kusa da harsunan da take ji. In aka cusa su duka cikin shigarwa guda, sai ta zama kwandon tarkace, mai karatu ya kasa cewa ga sana'arta.

Saura giɓi. A jerin kwantiraginta za a ga babu komai a ƙarshen 2021, kuma mai dubawa zai iya tambaya. A watan Satumba na waccan shekara aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi goma sha uku na Jihar Katsina, ciki har da Batsari da Safana, saboda matsalar tsaro, aka kwashe watanni a haka. Mai aikin da ke tura bayanai ta waya, kuma ta waya ake kiransa aiki, me zai yi? Wannan ba abin sakawa a sibi ba ne. Jumla ɗaya a wasiƙar neman aiki, ko amsa ɗaya a ganawa, ta isa. Wani amfanin haɗawa ke nan: giɓin yana nan ga mai son ya duba jerin, amma ba shi ne ke yi wa mai karatu sallama ba.

Wani abu kuma da ya keɓanta ga wannan yanki: sibi takarda ce mai yawo, daga shagon buga takardu zuwa wayoyin mutanen da ba ta sani ba. Kada ta rubuta sunayen ƙauyukan da ta shiga ko na masu unguwannin da suka yi mata jagora. Sunan ƙaramar hukuma da yawan mazaɓu sun wadatar.

Ga masu ɗaukar ma'aikata kuwa, musamman ƙungiyoyin da ke aiki a yammacin Katsina, akwai abin da ba ya shiga hankali. Ku ne kuke ba da kwantiragin mako shida, ku ne kuma idan gurbin dindindin ya fito kuke neman shekara uku a jere a wuri ɗaya. Sakamakon shi ne a kawo wani daga nesa wanda takardarsa ta yi sumul, a kuma sake ɗaukar 'yar Batsarin nan na mako uku don ta nuna masa hanya. Gyaran ba shi da tsada: a rubuta a sanarwar gurbi cewa za a haɗa watannin kwantiragi a ƙirga su, a kuma bai wa duk wanda ya gama aiki, ko na kwana goma ne, takardar shaida mai ɗauke da matsayinsa da ranakun da ya yi da sa hannun wanda ya shugabance shi. Ita kuma matashiyar, tun kafin ta miƙa wayar aiki a ranar ƙarshe ya kamata ta nemi wannan takarda, domin bayan wata shida jami'in da ya san ta yana iya kasancewa a wata jiha, a kan nasa gajeren kwantiragin.