Layi huɗu sun wadatar a gindin imel

Akwai wasiƙun imel da ke shigowa da saƙo na layi biyu, amma abin da ke gindinsu ya kai layi ashirin. Suna da muƙamai, lambobin waya uku, tambarin kamfani, alamomin Fesbuk da Instagiram, karin magana, sannan dogon gargaɗi da Turancin lauyoyi. Wannan gindin shi ake kira sa hannun imel, wato 'yan layukan da mutum ke rubutawa sau ɗaya, manhaja ta riƙa liƙa su da kanta a ƙarshen duk wasiƙar da ya aika. Tunda sau ɗaya ake rubuta shi, mai shi yakan manta da shi. Wanda ake aika wa kuwa kullum sai ya gan shi.

A ganina aikin sa hannu shi ne ya amsa tambayoyi uku na mutumin da bai san ka ba: wane ne wannan, da yawun wa yake magana, kuma ta ina zan same shi idan maganar ta fi ƙarfin imel? Duk abin da bai amsa ɗaya daga cikinsu ba kaya ne aka ɗora wa mai karatu. Wannan ra'ayi ya daɗe. A watan Oktoba na 1995 an fitar da wata takardar ladubban mu'amala a intanet mai lamba RFC 1855, wadda Sally Hambridge ta kamfanin Intel ta rubuta, kuma shawarar da ke cikinta ita ce kada sa hannu ya wuce layi huɗu. Dalilin da aka bayar a lokacin shi ne mutane da yawa suna biyan kuɗin shiga intanet ne da minti, saboda haka tsawon wasiƙarka daga aljihun wani yake fita. Mu da muke sayen data da megabait, muke karanta yawancin wasiƙunmu a fuskar waya, wannan dalili bai tsufa a wajenmu ba.

Mu ɗauki misalin jami'in ciniki a wani kamfanin fitar da riɗi da ke Dawanau a Kano, yana rubuta wa mai saye a Turkiyya a karon farko. Sa hannunsa ya fara da Alhaji, sai Injiniya, sai suna, sai jerin haruffan digiri da na ƙungiyoyi, sai sarautar da aka naɗa shi a garinsu. A ƙasan wannan akwai lambar MTN, da ta Airtel, da ta Glo, kowacce ta fara da sifili. Sai adireshin imel ɗinsa, sai adireshin ofis da na gida, sai lambar asusun banki, sai hoton sa hannunsa na biro da ya ɗauka da waya.

Mai sayen nan yana son ya kira. Matsalar farko, lambar da ta fara da 0803 ba za ta shiga daga Istambul ba, domin wannan sifilin na kiran cikin gida ne. Dole a cire shi a sa lambar ƙasa, ta koma +234 803, kamar yadda ɗan Maraɗi zai fara da +227, ɗan Kumasi kuma da +233. Matsala ta biyu, cikin ukun wacce zai kira? Wanda ya jera lambobi uku ya bar wa baƙo aikin gwaji. Lamba ɗaya, wadda ake ɗauka a lokacin aiki, ita ce taimako. Idan ita ce ta WhatsApp, a faɗa a gefenta da kalma ɗaya. Adireshin imel kuma ga shi can a saman wasiƙar, ba ya buƙatar maimaici, sai fa idan ana son amsa ta tafi wani akwatin dabam. Bayan an rage, abin da ya kamata ya saura bai wuce wannan ba:

```
-- 
Wane Wane, Jami'in Ciniki
Kamfanin Kaza, RC 000000
Kasuwar Dawanau, Kano, Nijeriya
+234 803 000 0000
```

Layin farko na karan-ɗori biyu da fili ɗaya a bayansu tsohuwar alama ce tun zamanin Usenet. Wasu manhajoji, irin su Thunderbird, suna gane ta, su yanke duk abin da ke ƙasanta idan za a mayar da amsa, don kada sa hannu ya riƙa taruwa. Lambar RC kuma ba ado ba ce. Dokar kamfanoni ta Nijeriya ta buƙaci sunan kamfani da lambar rajistarsa su bayyana a wasiƙunsa na kasuwanci, kuma da wannan lamba ce baƙo zai iya bincikawa a shafin hukumar CAC ya ga ko kamfanin na nan da gaske. A Birtaniya dokar kamfanoni ta 2006 ta ƙara da wurin rajista da adireshin ofishin da aka yi rajista da shi. Wanda ke rubutu da sunan kansa kawai, ɗalibi ko mai neman aiki, ba ruwansa da wannan layi.

Na san batun laƙabi shi ne zai fi sosa rai, domin mu mutane ne masu girmama muƙami, kuma wanda ya sha wahalar karatu yana da haƙƙin a san ya yi. Amma ina ganin ma'aunin shi ne wasiƙar da kanta. Likita da ke rubuta wa asibiti game da majiyyaci ya sa Dakta, domin wannan kalma ita ce ke ba maganarsa nauyi. Malamar jami'a da ke rubuta wa ɗalibinta shaida ta sa muƙaminta da sashenta, domin wanda zai karanta yana buƙatarsu. Mai sayen riɗi kuwa digirin injiniya bai gaya masa komai game da buhu da farashi ba, haruffan ƙungiyoyin ma bai san fassararsu ba. Girmamawa tana da wurinta a saman wasiƙa, inda kake gaida wanda kake rubuta wa da laƙabinsa. A ƙasa, inda kake faɗin naka sunan, sauƙi ya fi kyau.

Abubuwa biyu ne a sa hannun jami'in nan suka wuce maganar kyau ko muni, suka shiga haɗari. Na ɗaya hoton sa hannun biro. Duk wanda wasiƙar ta isa gare shi, da duk wanda aka tura wa ita daga baya, zai iya sauke wannan hoto ya liƙa shi a ƙasan takardar da mai shi bai taɓa gani ba. Shi kuma hoton bai tabbatar da komai ba, tunda kowa na iya kwafarsa. Na biyu lambar asusun banki. Ɗaya daga cikin dabarun 'yan damfarar imel ita ce su kwaikwayi wasiƙar kamfani daidai da daidai, da tambari da komai, su canja lambar asusu kawai. Kamfanin da ya sabar wa abokan cinikinsa ɗaukar lambar asusu daga gindin imel ya share musu hanya. Lambar asusu wurinta takardar neman biya, kuma duk ranar da aka ce ta canja, a ɗaga waya a tabbatar ta lambar da aka sani tun da. Adireshin gida shi ma a cire shi. Imel yana yawo hannu zuwa hannu, ba ka san inda zai kwana ba.

Sai hotuna. Wasu sukan haɗa sa hannun gaba ɗaya ya zama hoto guda, da launi da zane, kamar katin gayyatar biki. Yana da kyau a kwamfutar mai shi. Amma Outlook, a tsarinsa na asali, ba ya buɗe hotunan da ke zuwa daga waje sai mai karatu ya ba da izini, saboda haka abin da baƙo zai fara gani akwati ne babu komai. Ko hoton ya buɗe, ba a iya danna lambar waya a kira, ba a iya kwafar suna, kuma makaho mai amfani da manhajar karanta allo ba zai ji komai ba in ba a sa wa hoton bayani ba. Idan kuma an cusa hoton cikin wasiƙar ne, sau da yawa yakan fito a matsayin maƙalallen fayil mai suna irin `image001.png`, har mutum ya rasa wace wasiƙa ce ke ɗauke da takardar gaske. Tambari mai nauyin kilobait 150 da ya maimaitu sau 20 a muhawara ɗaya ya zama megabait 3. Idan kamfani ya dage sai da tambari, ya zama ƙarami guda ɗaya, sauran bayanan kuma su kasance rubutu.

Dogon gargaɗin nan na cewa wasiƙar sirri ce, wanda ta isa gare shi bisa kuskure ya goge, ba na ganin amfaninsa ga ɗaiɗaikun mutane. Yana zuwa a ƙarshe, bayan an gama karanta abin da ake cewa kada a karanta, kuma ana liƙa shi har a wasiƙar barka da Sallah. Ma'aikacin banki ko na ofishin lauya da aka wajabta masa, ya bi umarnin wurin aikinsa. Wanda ya kwafo shi don ya ga wasu na yi, ya sauke shi.

Akwai masu sa aya ko hadisi da kyakkyawar niyya, kuma ba na shakkar niyyarsu. Abin dubawa shi ne manhaja ba ta zaɓe. Za ta liƙa ayar a ƙasan wasiƙar bin bashi, da ta cacar baki, da wadda za a buga a takarda a ofis a jefa kwandon shara da yamma. Wanda yake son ya yi wa ɗan'uwansa nasiha ya rubuta masa ita musamman, a wasiƙar da ta dace da ita. Haka taken siyasa a imel ɗin aiki: sunan ma'aikata yake jawowa cikin maganar da ba ta aike ka ba.

Gyaran ba ya cin lokaci. A Gmail na kwamfuta, a shiga Settings, sai See all settings, a gangara zuwa Signature. Ana iya ajiye sa hannu fiye da ɗaya a wurin, a zaɓi cikakke don sabuwar wasiƙa, a zaɓi gajere, suna da lambar waya kaɗai, don mayar da amsa. Wanda kuka yi musayar wasiƙa biyar da shi tun safe ya riga ya san inda ofishinka yake. A duba saitin manhajar waya shi ma, domin yana iya zama dabam, kuma can ne layin Sent from my iPhone ke zaune, yana tallar wayar ba tare da ya gaya wa kowa ko wane ne kai ba.

Mai karatu, idan ka gama gyarawa, ka aika wa kanka wasiƙa, ka buɗe ta a waya, ka danna lambar ka ji ko ta shiga. Ranar da ka canja aiki ko layi kuma, ka koma ka gyara tun kafin ka aika wasiƙa ta gaba.