Amsoshin yaya a littafin ƙane: kilina kaɗai ba ta isa ba

A gidaje da yawa, littafin aikin lissafi da yaya ya gama da shi ne ake miƙa wa ƙane idan an shiga sabon aji. Tsadar littattafai ce ta kawo haka, kuma ba laifi ba ne. Matsalar ita ce amsoshin da yayan ya rubuta da fensir suna nan a shafin, wasu daidai, wasu kuskure, kuma ba lallai ne malami ya taɓa duba su ba.

Abin da aka saba yi shi ne a sa kilina a goge. A ganina hakan bai wadatar ba. Ɗan firamare yakan danna fensir da ƙarfi, saboda haka shatin lambar yana zama a takarda. Da ƙanen ya karkata shafin wajen haske, zai karanta ta sarai.

A ce tambayar ita ce 52 − 27, yayan ya rubuta 35. Ba da ka ya yi ba. Ya cire 2 daga 7 ya samu 5, ya cire 2 daga 5 ya samu 3, wato bai iya aro daga gidan gomomi ba. Amsar gaskiya 25 ce. Idan ƙane ya kwafi 35, malami zai ɗauka aro ne ke ba shi wahala, alhali bai ma taɓa lissafin ba. Idan kuma amsar da ya kwafa daidai ce, abin ya fi muni, domin zai ci maki a kan abin da bai iya ba. Alamar kwafi ita ce amsa tsurarta, babu aikin da ya kai ga samun ta.

Shawarata ita ce a rufe gurbin amsa da tsinken farar takarda, yaro ya yi lissafin a littafin rubutunsa, yana nuna kowane mataki. Bayan ya gama sai a buɗe, a ce masa: kai ne malami yau, duba aikin yayanka. Ya haɗa 35 da 27, zai samu 62, ba 52 ba. Ya haɗa 25 da 27, zai samu 52. Da kansa ya kama kuskuren, ya kuma koyi yadda ake tabbatar da amsa. Amma wannan dabara sai ga yaron da aka riga aka koya wa aro. Wanda bai kai nan ba, a ɓoye masa amsar gaba ɗaya.

Malamai kuma su daina kai takardar da aka riga aka cike wajen mai fotokwafi. Injin yana fito da rubutun fensir tare da na ɗab'i, kuma kilina ba ta goge shi. Kuskuren yaro ɗaya sai ya zama na aji guda. A ajiye kwafi ɗaya mai tsabta, daga shi kaɗai za a riƙa bugawa.