Sharhi: Tazara da kamasho ne ke cinye ribar masu cinikin minti ɗaya a waya

Duk wanda ya taɓa tasowa daga Sarkin Yamma ya shiga Maradi don canza naira zuwa sefa ya san cewa ɗan canji farashi biyu gare shi: akwai wanda yake saye da shi, akwai wanda yake sayarwa. Idan mutum ya canza kuɗinsa, nan take kuma ya ce a mayar masa da su yadda suke, ba zai karɓi abin da ya kawo cif ba. Ɗan abin da ya ragu shi ne abincin ɗan canji, kuma babu mai ganin laifinsa. Sai dai babu mai hankalin da zai tsaya gaban teburin yana canzawa yana mayarwa sau ashirin a yini, yana sa ran komawa gida da riba.

Amma kusan abin da ake koya wa matasa ke nan a yau da sunan sikalfin, wato shiga kasuwar canjin kuɗi ta intanet a fita cikin minti ɗaya zuwa biyar, ana tsintar riba ƙanana sau da yawa. Masu tallata shi suna nuna hoton ribar da aka ci, ba sa nuna kuɗin da ake biya a kowace shiga. Wannan kuɗin, duk da ƙanƙantarsa, ya isa ya mayar da mai yawan cin nasara mai asara, kuma ya kamata kowane matashi ya iya lissafa shi kafin ya zuba ko dala.

A manhajar MetaTrader, wadda akasarin masu wannan harka ke amfani da ita, kowane kuɗi yana da farashi biyu, kamar dai teburin ɗan canji. Bid shi ne farashin da dillali ke saye daga hannun mutum, Ask kuma wanda yake sayar masa. Tazarar da ke tsakaninsu ita ake rubutawa Spread, kuma ana auna ta da maki, wanda masu harkar ke kira pip. Idan EUR/USD na nuna 1.0850 da 1.0851, tazarar maki ɗaya ce. Shi ya sa da zarar an buɗe ciniki sai a ga ya fara da ja: an riga an biya tun kasuwa ba ta motsa ba.

Wasu dillalan suna tallata asusun da tazararsa ta kusa sifili. A irin wannan asusun kamasho ake biya, wanda sau da yawa yakan kai wajen dalar Amurka 7 a kan kowane lot ɗaya, shiga da fita. A EUR/USD maki ɗaya na lot guda dalar Amurka 10 ne, don haka kamashon daidai yake da maki 0.7. Idan aka haɗa da ƴar tazarar da ta rage, an sake komawa kusa da maki ɗaya. La'adar dai tana nan, suna kawai aka sauya mata.

A ɗauki misalin wani matashi a Sarkin Yamma da yayansa da ke ci-rani ya turo wa jaka 120 ta sefa. Don sauƙin lissafi, a ce dalar Amurka ɗaya sefa 600 ce, jarinsa ya zama dalar Amurka 200. Yana ciniki da lot 0.10, inda kowane maki yake dalar Amurka ɗaya. Yana kallon jadawalin M1, yana neman maki 5, yana kuma yanke asara idan kasuwa ta juya masa da maki 5. Kuɗin shiga da fita maki ɗaya ne.

A ido, cinikin ya yi kama da raba daidai: ko a ci biyar ko a rasa biyar. Amma idan kasuwa ta tafi maki 5 inda yake so, 4 ne ke shiga aljihunsa. Idan ta tafi maki 5 ta ɗaya ɓangaren, 6 ne ke fita. Kafin ya tashi babu riba babu asara, sai ya ci 6 cikin kowane ciniki 10, wato kashi 60 cikin 100.

Yanzu a ce yana ciniki 20 a rana, kwana 20 a wata, jimilla 400. A ce kuma yaron ya iya, yana cin kashi 55 cikin 100, abin da ba kowa ke iya riƙewa na tsawon lokaci ba. Ya ci 220, ya faɗi 180. Da babu la'ada, da ya samu 1,100 ya rasa 900, ribar dalar Amurka 200 ke nan, jarinsa ya ninka. Amma ciniki 400 sun ci dalar Amurka 400, kimanin jaka 240, ninki biyu na abin da yayansa ya turo. Sakamakon ƙarshe asarar 200 ce, wato jarin gaba ɗaya. Ya fi kasuwa gaskiya sau da yawa, amma duk da haka ya tashi hannu rabbana, dillali kuma ya karɓi nasa ko an ci ko an faɗi.

Abin lura shi ne, la'adar ba ta raguwa don ribar da ake nema ƙarama ce. Wanda ke neman maki 50 yana yanke asara a maki 50, maki ɗayan nan dai zai biya. Idan ya ci ya samu 49, idan ya faɗi ya rasa 51, don haka cin kashi 51 cikin 100 ya ishe shi ya tsaya da ƙafarsa. A wurinsa la'ada kashi 2 ce cikin 100 na abin da yake nema, a wurin mai maki 5 kuwa kashi 20 ce. Wanda ya matse zuwa maki 3 sai ya ci biyu cikin kowane uku kafin ya dawo da uwar kuɗi. Wannan ba ya nufin dogon ciniki riba ce tabbatacciya, domin shi ma yana da kuɗin kwana da ake kira Swap da nasa haɗarin. Abin da lissafin ke nunawa shi ne, iya gajartar lokaci iya girman rabon dillali.

Kuma maki ɗayan nan na lokacin da kasuwa ke cike ne, kamar daga azahar zuwa la'asar agogon Nijar, sa'ad da London da New York ke buɗe tare. Da misalin ƙarfe 10 ko 11 na dare, gwargwadon sauyin agogon Amurka, lokacin da ranar ciniki ke rufewa a New York, tazara kan buɗe ta ninka sau da yawa. Haka ma lokacin fitar manyan rahotanni, kamar alƙaluman ayyukan yi na Amurka da galibi ke fita ranar Juma'ar farko ta wata. Idan kuɗin shiga ya koma maki 3, mai neman maki 5 zai ci 2 ya rasa 8, sai ya yi nasara a kashi 80 cikin 100 kafin ya tsira. Wanda ya wuni a gona ko a kasuwa, sai dare yake samun sukunin ɗaukar waya, yana iya faɗawa daidai lokacin da ya fi tsada.

Ga kuma matsalar layi. Tsakanin danna maɓalli da isar umarni wurin dillali farashi na iya gusawa, kuma inda intanet ke ɗaukewa yana dawowa, jinkirin daƙiƙa ɗaya na iya cin rabin maki ko fiye. Akwai kuma abin da ke sa da yawa zargin an yi musu maguɗi: jadawali yawanci farashin Bid yake zanawa, alhali wanda ya sayar da farashin Ask ake rufe masa. Tazara na buɗewa sai a yanke shi, ko da zanen bai taɓa layinsa ba.

Alƙaluman hukumomi sun yi daidai da wannan lissafi. A 2018 hukumar ESMA mai kula da kasuwannin kuɗi ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa kashi 74 zuwa 89 cikin 100 na asusun ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi, ta kuma tilasta wa dillalai rubuta adadin masu asararsu a jikin talla. A Indiya, binciken da hukumar SEBI ta fitar a Yulin 2024 kan masu saye da sayar da hannun jari a yini guda ya gano cewa 7 cikin 10 sun yi asara, adadin kuma ya kai kashi 80 cikin 100 a tsakanin masu ciniki sama da 500 a shekara. Matashin misalin nan yana yin kusan hakan a wata ɗaya.

To me ya sa ake ta tura matasa ga wannan salo? Dillalai da dama suna biyan wanda ya kawo musu mutum wani kaso daga tazara ko kamashon kowane cinikin da mutumin ya yi. Malamin da ya ba ɗalibi mahaɗin rajista, sannan yake turo masa sigina goma sha biyar a rana, yana iya samun kuɗi ko ɗalibin ya ci ko ya faɗi. Karɓar la'ada ba laifi ba ne, dillalin kasuwar dabbobi ma yana karɓa, amma shi kowa ya san matsayinsa. Ɓoye ta ga wanda ake ba shawara shi ne cin amana. Duk mai koyar da wannan harka ya kamata ya faɗa wa ɗalibansa a fili nawa yake samu a kan kowane lot da suka yi.

Wanda ya riga ya shiga yana iya gwada kansa yau. Ya buɗe History, ya tara abin da ke ƙarƙashin Commission na wata guda. Tazara ba ta fitowa a layi na daban domin tana cikin farashi, don haka sai ya ninka yawan cinikinsa da tazarar da ya saba gani da kuma darajar maki. Ya haɗa biyun, ya ƙara da abin da aka cire masa wurin zuba kuɗi da fitar da su, sannan ya ajiye jimillar kusa da jarinsa. Idan kuɗin shiga ya kai kashi ɗaya cikin biyar na ribar da yake nema a kowane ciniki, to dillali yake yi wa aiki.

Ƴan uwa da ke Legas, Abidjan, Agadas ko Turai, waɗanda guminsu ne ke zama jarin, su ma suna da haƙƙin tambaya. Hoton ribar yini ɗaya ba hujja ba ce. Kafin a sake turo wani kuɗi, a nemi ganin tarihin wata uku cikakke, a kuma tambayi abu biyu: ciniki nawa aka yi, kuma nawa aka biya a kan kowanne.