Sa wa talla hijabi bai mayar da ita ta gida ba

Daga 1 ga Oktoba 2022, hukumar ARCON mai kula da tallace-tallace a Najeriya ta hana amfani da fuskoki da muryoyin 'yan ƙasashen waje a tallan da ake yi wa 'yan ƙasa. Tun daga lokacin, masu tsara talla da yawa suka ɗauka cewa in an sauya fuska, an sa wa jaruma hijabi, an fassara kalmomi, to aiki ya kammala. Wannan lalaci ne. Tufafi su ne mafi sauƙin gyarawa. Abin da ke kayar da talla a gari irin Mairuwa, kusa da Funtuwa, shi ne wane ne ya faɗa wa wane mene ne.

Misali shi ne dabarar da Coca-Cola ya fara a Ostireliya a 2011, ta iso Najeriya a 2015: buga sunayen mutane a jikin kwalba, domin mai saye ya nemo sunan masoyinsa ya miƙa masa. A can, kiran suna kai tsaye alamar kusanci ce. A gidan Bahaushe mai riƙon al'ada kuwa, kusanci ne ke hana kiransa. Mace ba ta ambatar sunan mijinta, sai Malam ko Maigida. Uwa tana alkunyar ɗan fari. Yaron da ya ci sunan kakansa Abba ake ce masa. Saboda haka hoton matar da ke kwala wa mijinta kira da sunan yanka tana miƙa masa kwalba rashin kunya zai nuna, komai tsawon mayafinta.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Abdullahi da Abdurrahman na ɗauke da sunan Allah, Muhammadu kuma sunan Manzo ne, alhali makomar robar lemo bola ce ko kwata.

Gyaran ba ya buƙatar a jefar da dabarar. Hausa na da sunayen rana da babu haɗari a buga su: Ladi, Talatu, Balarabe, Jummai, Asabe. Barkwanci ma yana da gurbinsa. Jika na iya riƙe kwalba mai ɗauke da "Kaka" yana ja wa tsohuwa rai, domin al'ada ta halatta wasa tsakaninsu, kamar yadda ta halatta shi tsakanin taubasai. A ɗora wannan wasan a kan suruki, nan take ya koma cin fuska. Miƙawar kuma da hannun dama za a yi ta.

Amincewar hukuma ba ta auna waɗannan abubuwa. Ma'auninsu shi ne a nuna tallar a falon da uba da 'ya'yansa da surukarsa ke zaune tare. Idan wani ya sunkuyar da kai ko ya tashi ya fita, tallar ba ta gyaru ba, kuma kamfanin ya biya kuɗi ne ya sayi baƙin jini.