Wasiƙar neman sassauci: lissafi banki ke karantawa

Mai kanti da bashin banki ya yi wa nauyi yakan cika wasiƙarsa da kuka: kasuwa ta yi sanyi, kaya sun yi tsada, a dubi girman Allah a tausaya. Duk gaskiya ne, amma jami'in da zai karanta wasiƙar ba shi ne mai yanke hukunci ba. Gaban kwamitin bashi zai kai ta, kuma abin da kwamitin ke son sani shi ne ko wannan kanti zai iya biyan sabon adadin kowane wata. A ganina, wasiƙar da ba ta amsa wannan tambaya da alƙaluma ba ta yi asarar takarda.

Mu ɗauki misalin mai kantin kayan masarufi da ya rage masa bashin naira 2,400,000, da wata 12 a gaba. Kuɗin ruwa kashi 30 cikin ɗari ne a shekara, ana lissafa shi a kan abin da ya rage. Biyansa na wata kusan naira 234,000 ne. Bayan ya sari kaya, ya biya haya da yaron shago da cefanen gida, abin da ke saura a hannunsa naira 200,000 ne a matsakaicin wata, 150,000 a watan da ciniki ya fi ja baya. Duk wata sai ya taɓa jari, jarin da aka taɓa kuwa yana rage cinikin watan gaba.

Idan aka mayar da wa'adin wata 18, biyan zai sauko zuwa kusan naira 167,000. Idan wata 24 ne, kusan 134,000. Na farko ya fi ƙarfin watan da babu ciniki, don haka na biyun ya kamata ya nema. Sai dai ya san farashinsa: kuɗin ruwan da zai biya a wata 12 kusan naira 408,000 ne, a wata 24 kuwa ya kai 821,000. Sauƙin da ya samu saya ya yi. Saboda haka ya roƙi a rubuta cewa zai iya biya kafin wa'adi ba tare da tara ba, ya kuma tambayi kuɗin da banki zai cire na sake tsarin.

Mutane da yawa sukan zaci tsawon wa'adi shi ne maganin komai, har su nemi wata 36. A misalinmu biyan zai koma kusan naira 102,000, amma kuɗin ruwa zai haura miliyan 1.2. Kuma ko yaya aka ja wa'adin, biyan ba zai sauka ƙasa da naira 60,000 ba, domin wannan shi ne kuɗin ruwan watan farko kaɗai. Kantin da rararsa ke kusa da wannan adadi ba ƙarin lokaci yake bukata ba. Sai dai ya sayar da wata kadara ya rage uwar kuɗin. Wanda ya karɓi kaya ta hanyar murabaha a bankin da ba ya ta'ammali da ruwa, lissafinsa daban ne, tunda ba a ƙara farashin da aka yanke saboda jinkiri.

Ita kanta wasiƙar shafi ɗaya ya ishe ta. A fara da lambar asusu, ranar da aka karɓi bashin, abin da aka biya da abin da ya rage. Sai dalilin tawayar ciniki a jimla biyu, dalili takamaimai kamar aikin titi da ya toshe ƙofar shago, da lokacin da ake sa ran zai kau. Daga nan sai buƙatar a fili: wata 24, naira 134,000, daga ranar kaza. A haɗa da bayanan asusu na wata shida da littafin ciniki. Nan ne masu kanti da dama ke tuntuɓe, domin cinikin tsabar kuɗi da bai taɓa shiga asusu ba, banki ba ya ganinsa, kuma abin da bai gani ba ba zai lissafa ba.

Lokacin aikawa ma yana da nauyi. A ƙa'idojin Babban Bankin Najeriya, bashin bankin kasuwanci da ya wuce kwana 90 ba a biya ba ya shiga sahun basussukan da suka tsaya. Dole banki ya ware kuɗi don tsammanin asara, labarin kuma ya isa hukumomin tattara tarihin masu bashi. Tun watan Agustan 2020 akwai tsarin GSI, wanda ke ba banki damar cire kuɗin mai bashi daga asusunsa na wasu bankuna ta hanyar BVN, idan ya sa hannu a kan hakan tun farko. Wanda ya rubuta kafin ya tsallake biya ko ɗaya yana magana ne a matsayin abokin ciniki mai cika alkawari, kuma an fi saurarensa.

Bayan an miƙa wasiƙar, a karɓi kwafi mai hatimin banki, a ci gaba da biyan abin da ya samu. Alkawarin baki daga jami'i ba ya canza komai. Tsohuwar yarjejeniya tana nan daram, tarar jinkiri tana hawa, har ranar da aka sa hannu a kan sabuwar takardar tayi mai ɗauke da sabon jadawalin biya.